Yadda Mai Harkar Bidiyo Zai Riƙe Lissafin Kuɗinsa, Ya Kuma San Harajin Da Ke Kansa

Mai albashi ba ya shan wahalar lissafin haraji, domin tun kafin kuɗi su shigo hannunsa an riga an cire. Mai harkar bidiyo kuwa kuɗinsa ta ƙofa huɗu ko biyar suke shigowa: dala daga YouTube, kuɗin talla daga kamfani, tura kuɗi daga mai shago, wani lokacin ma kaya ne a leda ba kuɗi ba. Babu wanda zai haɗa masa su wuri guda. Ita kuwa doka a Najeriya wuri guda take kallonsu. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta fara aiki ran 1 ga Janairun 2026, tana ɗora haraji a kan duk abin da mazaunin ƙasar ya samu, ko a gida aka biya shi ko daga waje. Ga yadda za ka tsara kanka.

Mataki na farko: raba asusu

Buɗe asusun banki ɗaya wanda kuɗin sana'a ne kaɗai ke shiga cikinsa. Kuɗin adashi, bashin da aka biya ka, abin da yayanka ya turo a kai wa Hajiya, duk su bi ta wani asusun. Waɗannan ba ribar sana'a ba ne, babu haraji a kansu, amma idan suka cakuɗe da kuɗin talla a takardar banki ɗaya, kai ne za ka zauna kana bayanin kowane layi bayan shekara ta wuce, alhali ka manta rabinsu.

Mataki na biyu: rubuta kowane kuɗi ranar da ya shigo

Littafin makaranta ma ya isa, ko shafin Google Sheets a waya. Ja layi bakwai: kwanan wata, wanda ya biya, aikin da aka biya, kuɗin da aka yi ciniki a kai, abin da aka cire, abin da ya iso hannunka, sai inda shaidar take. Layi na huɗu da na shida ne mutane suka fi haɗewa, kuma a nan asara take. Kowace ƙofa tana da nata halin, bari mu bi su.

Kuɗin YouTube. Adadin da kake gani kullum a YouTube Studio kiyasi ne, yana iya sauyawa. Wanda za ka rubuta shi ne wanda ya fito a shafin biyan kuɗi na AdSense, asusun Google da YouTube ke biyanka ta cikinsa, wanda ake turowa tsakanin 21 da 26 ga wata idan kuɗinka ya kai dala 100. Rubuta shi da dala, ka rubuta farashin canji na hukuma da Babban Bankin Najeriya ya wallafa a ranar, sannan ka fitar da nairarsa. Kada ka bari sai ƙarshen shekara ka ninka duka da farashi ɗaya, domin dalar Fabrairu ba ita ce ta Nuwamba ba.

Akwai kuma harajin Amurka. Tun 2021 Google ke cire haraji daga kuɗin da ka samu ta hanyar masu kallo da ke Amurka. Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, don haka kashi 30 cikin ɗari ake cirewa daga wannan ɓangaren kaɗai, in dai ka cike fom ɗin bayanan haraji na W-8BEN a AdSense. Wanda masu kallonsa 'yan Kano da Maraɗi da Jidda ne, ɗan kaɗan za a cire masa. Amma wanda bai cike fom ɗin ba, ana iya cire masa har kashi 24 cikin ɗari na dukan kuɗinsa, daga ko'ina masu kallon suke. Idan ka ga abin da aka turo ya gaza wanda kake tsammani da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, fara duba nan. Takardar 1042-S da Google ke fitarwa kowace shekara ita ce shaidar abin da aka cire, ka sauke ta ka adana.

Tallan kamfani. Kun yi ciniki a kan ₦500,000, sai ka ga ₦475,000 ta shigo. Ba lallai cutarka aka yi ba. Doka ta ɗora wa kamfanoni su cire wani kaso daga kuɗin wanda ya yi musu aiki su miƙa wa hukuma da sunansa. Wannan ₦25,000 kafin alƙalami ce ta harajinka, za a rage maka ita a ƙarshen shekara. Sai dai ba za a rage ba sai da shaida. Tun ranar ciniki ka ba su lambar harajinka, bayan biya kuma ka nemi takardar da aka rubuta wa WHT credit note. Idan wata biyu ya wuce suna ta yi maka gobe-jibi, to akwai alamar ba su miƙa kuɗin ba, ka matsa musu tun da sauran zafi. A littafinka ₦500,000 ce kuɗin shiga, ₦25,000 kuma ta tafi layin abin da aka cire.

Biya da kaya. Mai shago ya ba ka sabuwar waya ya ce ka nuna ta a bidiyo. A baki kyauta ce, amma tun da aiki ka yi aka ba ka, ladan aiki ce. Rubuta ta da farashin da ake sayar da ita a kasuwa a ranar. Haka kyaututtukan da masu kallo ke turowa lokacin shirin kai tsaye: da zarar ka mayar da su kuɗi, sun shiga littafi. Ma'aunin da nake ganin ya fi sauƙi shi ne ka tambayi kanka, da ba don sana'ar nan ba, za a ba ni?

Mataki na uku: rubuta abin da ka kashe

A kan riba ake lissafa haraji, wato abin da ya rage bayan an cire kuɗin da aka kashe domin sana'ar kaɗai. Data, ladan mai haɗa bidiyo, man janareta na wurin ɗauka, kuɗin mota zuwa aiki, duk suna shiga. Cefanen gida da ɗinkin sallah ba sa shiga. Abin da kake amfani da shi a gida da kuma aiki, kamar layin waya ɗaya, sai ka raba shi da gaskiya, ka rubuta yadda ka raba.

Matsalarmu ita ce yawancin waɗanda muke hulɗa da su ba sa ba da rasit. Maganinta ka biya ta banki, ka rubuta dalili a wurin bayani, misali "ladan haɗa bidiyo, Maris". Rasit ɗin na'ura kuwa ka ɗauki hotonsa nan take, domin rubutunsa yana gogewa cikin 'yan watanni, musamman in ya sha zafi a aljihu. Manyan kaya irin su kyamara da kwamfuta ba a cire kuɗinsu gaba ɗaya a shekara guda, ana rarraba shi ne a kan shekaru, don haka ka ware musu shafi na daban da ranar saye da farashi.

Mataki na huɗu: haɗa lissafin shekara

Mu ɗauki misalin matashi a Kano da ke koyar da gyaran waya. Alƙaluman na misali ne, amma lissafin na doka ne. A 2026 YouTube ta biya shi dala 2,400, da ya canza wata-wata suka tashi ₦3,600,000. Kamfanoni uku sun ba shi talla ta ₦1,500,000, suka cire ₦75,000. 'Yan kasuwar waya ta Farm Centre sun biya shi ₦600,000, ɗaya kuma ya ba shi wayar ₦200,000. Ajin da ya buɗe a WhatsApp, ɗalibai 60 a kan ₦10,000, ya kawo ₦600,000. Jimla ₦6,500,000.

Ya kashe ₦1,700,000 a kan data, mai haɗa bidiyo, mai da sufuri, duk da shaida. Ribarsa ta zama ₦4,800,000. Sabuwar doka ta ba mai zaman haya rangwamen kashi 20 cikin ɗari na hayar shekara, amma rangwamen ba zai wuce ₦500,000 ba. Shi ₦600,000 yake biya, don haka an rage masa ₦120,000, saura ₦4,680,000. A kan wannan ne za a yanka haraji.

Ana yankawa ne hawa-hawa. ₦800,000 ta farko babu ko kwabo. ₦2,200,000 da ke biye kashi 15 ne, wato ₦330,000. Daga nan har zuwa miliyan 12 kashi 18 ne, ragowar ₦1,680,000 ɗinsa ta ba da ₦302,400. Harajinsa ₦632,400 ke nan. A cire ₦75,000 da kamfanoni suka riga suka miƙa, zai biya ₦557,400.

Lura da abu biyu. Wannan ₦800,000 da aka yafe sau ɗaya ake samunta, a kan jimlar komai. Mutane da yawa suna ɗauka tun da ajin WhatsApp bai kai wannan adadi ba, to babu haraji a kansa. Akwai, domin a kan sauran ake ɗora shi. Idan ma kana da albashi, to albashin ya riga ya cinye hawan farko, kuɗin bidiyonka daga sama zai fara. Na biyu, da matashin nan ba shi da shaidar komai, aka lissafa masa a kan ₦6,500,000 ɗungurungum, da ₦960,000 zai biya. Littafi da hotunan rasit sun tsare masa fiye da ₦400,000.

Saboda kada Maris ya zo maka da ba-zata, duk kuɗin da ya shigo ka ware wani kaso a gefe. Ga mai samu irin na misalin nan, naira 10 a kowace 100 ta isa. Wanda samunsa ya fi haka ya ƙara.

Mataki na biyar: miƙa bayani ga hukumar da ta dace

Harajin mutum ɗaya na jihar da yake zaune ne. Mazaunin Kano hukumar harajin jihar, KIRS, zai nufa, na Kaduna KADIRS, mazaunin Abuja kuma hukumar harajin babban birnin tarayya. Yin rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, bai sauya wannan ba, har yanzu kai ne mai biya. Sai ka kafa kamfani mai zaman kansa sannan harajin ribarsa ya koma hannun hukumar haraji ta tarayya, NRS, wadda a da ake kira FIRS. A sabon tsari lambar NIN ce ke zama lambar harajin mutum.

Bayanin kowace shekara ana miƙa shi kafin ƙarshen 31 ga Maris na shekarar da ke biye, wato na 2026 zuwa Maris 2027. Ko lissafinka ya nuna babu abin biya, miƙa bayanin yana nan a kanka, kuma rashin yin sa yana da tarar ₦100,000 a watan farko, da ₦50,000 a kowane wata bayansa. Ka tafi da littafinka, takardar banki ta shekara, shaidun cirewa, rasit ɗin haya mai sunanka, da takardar 1042-S. Ta hanyar biya ta hukuma za ka biya, kada ka damƙa wa kowa kuɗi a hannu, kuma ka karɓi rasit. Duk waɗannan takardu ka adana su aƙalla shekara shida, kwafi ɗaya a gida, ɗaya a imel ɗinka.