Kurakuran da aka fi yi wajen ƙiyasta lokacin tafiya a bas mai jiran ta cika

Idan ka tambayi direba a tasha awa nawa ne zuwa wuri kaza, ya ce maka awa uku, bai yi maka ƙarya ba, amma shi daga lokacin da taya ta fara juyawa yake ƙirgawa. Kai kuwa agogonka ya fara tun da ka biya kuɗi ka zauna. Nan ne kuskuren farko, kuma shi ya haifi sauran: ɗaukar lokacin gudu a kan titi a matsayin lokacin tafiya gaba ɗaya. A bas ɗin da ba ta tashi sai ta cika, lissafin kashi huɗu ne: jiran cika, ɓata lokacin da ke biyo bayan cika, gudun kan hanya, da tsaye-tsaye. Kashi na farko shi ne mai wuyar sha'ani, don haka a kansa za mu fi daɗewa.

Da yawa suna leƙa cikin mota su ƙirga kawuna, su ga mutum goma sha biyu a bas mai ɗaukar sha takwas, su ce saura shida. Kawuna ba su ne fasinjoji ba. Akwai wanda ya rako ɗan'uwansa ya zauna suna hira, akwai ɗan kamashon da aka zaunar don motar ta yi kamar ta kusa cika, da ka zauna sai ka ga ya sulale ya fita. A ɗaya ɓangaren kuma, akwai wanda ya biya, ya ajiye jaka a kujera ya tafi uzurinsa. Abin dogaro shi ne adadin waɗanda suka biya. Tambayi mai yanka tikiti ko mai rubuta sunaye, mutum nawa aka rubuta, kuma mutum nawa motar ke ɗauka, domin bas iri ɗaya wani direban huɗu-huɗu yake zubawa a layi, wani uku-uku. Maganar "saura mutum ɗaya" da ɗan kamasho ke yi da ƙarfi a bakin ƙofa kuwa kiran kasuwa ce, kada ka sa ta a lissafi.

Bayan ka san kujerun da suka rage, sai ka san saurin zuwan mutane, kuma wannan aunawa ake yi, ba hasashe ba. Duba agogo, ka ƙirga waɗanda suka biya cikin minti ashirin. Minti biyar ya yi kaɗan, don iyali guda mai mutum huɗu za su iya shigowa lokaci ɗaya su ruɗe ka. Raba mintunan da yawan mutanen, ka sami minti nawa kowace kujera ke ci.

A nan ma akwai tarko. Mutane suna ninka wannan adadi da kujerun da suka rage su ce shi ke nan, alhali kujerun ƙarshe sun fi jinkirin cika. Dalilin a fili yake. Abin da ya rage galibi kujerun baya ne, ko wadda ke kan tudun taya inda gwiwa ke tokare kujerar gaba, ko ƙaramar kujerar bakin ƙofa mai naɗewa, kuma wasu da sun leƙa sai su ce gara su jira motar da ke bin layi. Sannan idan kujera biyu ta rage, mutum uku da ke tafiya tare ba za su rabu ba, su ma motar baya za su shiga. Ga kuma zuwan fasinja yana raguwa yayin da hantsi ya ɗaga. Saboda haka kujeru uku na ƙarshe ka ba su ninkin lokacin sauran.

Bari mu buga lissafi guda daga farko har ƙarshe. Ka iso tasha ƙarfe 9:00 na safe, bas mai ɗaukar mutum 18, an rubuta mutum 7, kai ne na 8, saura 10. Zuwa 9:20 mutum 4 sun biya, wato kowace kujera minti 5, saura 6. Uku na farko minti 15, uku na ƙarshe a kan minti 10 kowace, minti 30. Jimla minti 45, ke nan motar za ta cika wajen 10:05. Wanda ya ninka 6 da 5 kai tsaye zai ce 9:50, ya fara tsaki tun kafin lokaci.

Cikar mota kuma ba tashinta ba ne. Sai a lokacin ake neman mai jakar da ya fita, a ba da canji, a danna kaya a but a ɗaure ƙofar baya da igiya, direba ya sallami masu tasha. An fito kuma sai ka ji ya karya kan mota ya shiga gidan mai, domin yawanci da kuɗin lodin yake shan man, wataƙila ma ya tsaya wajen mai faci a ƙara wa taya iska. Ware minti 20 don wannan, fiye da haka idan ka ga tulin kaya a ƙasa ba a fara ɗorawa ba. A misalinmu, sai 10:25 za a hau hanya sosai.

Kuskuren kan titi shi ne raba nisa da abin da allurar gudu ke nunawa. A ce nisan kilomita 240 ne, direba yana taɓa 100 a inda hanya ta miƙe, sai mutum ya ce ai bai kai awa biyu da rabi ba. Amma bas mai cike da mutane da kaya tana ja da ƙyar a hawa, tana rage gudu a ramuka da cikin garuruwa da shingayen bincike. A hanya mai matsakaicin kyau, yi lissafi da kilomita 60 a awa, wato awa 4. Ƙara minti 25 na tsayawar hutu da sauke masu sauka a hanya. Isowa ke nan ƙarfe 2:50 na rana, alhali wanda ya ɗora "awa uku" a kan ƙarfe tara ya riga ya ce wa mai jiransa sha biyu.

Ko wannan 2:50 ɗin tsaka-tsaki ne, ba alkawari ba. Jiran cika yana da iyaka ta ƙasa amma ba shi da ta sama: ba zai gaza sifili ba, amma kujera ɗaya tak tana iya cin awa guda. Idan abin da za ka je yi ba ya ɗaga ƙafa, kamar jarrabawa ko jirgi, ninka mintuna 45 ɗin nan, ka ɗauki 3:35. Ka kuma duba inda jinkirin zai jefa ka, domin makarar awa ɗaya a tasha tana iya sa ka shiga gari daidai lokacin tashi daga aiki, ta zama awa biyu. In kuwa akwai canjin mota a tsakiya, ta biyun ma da nata jiran, kuma da rana za ka same ta, lokacin da fasinja ya yi ƙaranci.

Idan kujera ɗaya ko biyu ta rage kuma an shafe minti 20 babu wanda ya biya, fasinjoji suna iya haɗa kuɗin kujerar a raba a tsakaninsu. A bas mai mutum 18, kujera ɗaya da aka raba wa mutum 17 ba ta kai kashi 6 cikin ɗari na kuɗin motar kowa ba. Sai dai a yi magana da direba tun kafin a miƙa kuɗin cewa kujerar an saye ta, in ba haka ba zai tsaya a hanya ya ɗauki wani ya zaunar a kanta.