Babi na Bakwai: Nawa Kayan Suka Tsaya Maka Kafin Ka Sa Kuɗi?

Darasi na ɗaya: jere shafinka

Ka ɗauko littafinka, ka buɗe sabon shafi. Ka ja layi uku daga sama zuwa ƙasa, shafin ya rabu gida huɗu. A saman gida na farko ka rubuta "abin da na biya", na biyu "dala", na uku "canjin ranar", na huɗu "naira". Idan layin ya karkace ba komai, lissafin muke so ya miƙe.

Za mu yi aiki da misali ɗaya har ƙarshen babin. A ce kana da shago a kasuwar Sabon Gari a Kano, ka yi odar filas ɗin shayi guda 1,000 daga Guwanzu ta ƙasar Sin, kowane ɗaya dala 3. Kayan za su biyo jirgin ruwa su sauka a Apapa, a Legas, sannan mota ta kawo su Kano. Duk lambobin da za ku gani na koyo ne. Ranar da ka tashi yin naka, lambobin da ke kan rasit ɗinka za ka sa.

Dala 3 sau 1,000 ya zama dala 3,000. Wannan kuɗin kaya ne kawai, a hannun mai masana'anta. Ba a ɗora su a jirgi ba tukuna, kwastan ba su gan su ba, direba bai ɗauka ba. Kowanne daga cikin waɗannan yana da nasa layin a shafinka.

Darasi na biyu: canji

A nan ne mafi yawan ɗalibai ke tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan. Kada kowa ya ji kunya idan sai ya maimaita.

Ƙa'idar ita ce: duk kuɗin da ka biya da dala, ka juya shi zuwa naira da farashin da ka sayi dalar a ranar da ka saya. Farashin da ka ji a rediyo ba ya shiga littafinka, haka ma wanda maƙwabcinka ya samu.

A ce ka je Wapa wajen 'yan canji, ka sayi dala a kan naira 1,550. A gida na farko ka rubuta "kuɗin kaya". A na biyu 3,000. A na uku 1,550. Yanzu ka ɗauki kalkuleta, ka danna 3000, ka danna alamar sau, ka danna 1550, ka danna alamar daidai. Za ka ga 4650000. Kada ka yi saurin karantawa. Ka fara daga dama, ka ƙirga lamba uku ka sa waƙafi, ka sake ƙirga uku ka sa waƙafi: 4,650,000. Naira miliyan huɗu da dubu ɗari shida da hamsin ke nan. Wanda ya yar da sifiri ɗaya zai karanta dubu ɗari huɗu da sittin da biyar, kuma duk abin da ya gina a kai ya rushe. Ka ƙirga lambobin da yatsa: guda bakwai ne.

Wanda ya tura maka kuɗin zuwa Sin ya karɓi ladansa, a ce naira 50,000. Wannan da naira ka biya, sai ka bar gida na biyu da na uku babu komai, ka rubuta 50,000 a na huɗu.

Bayan makonni aka ce ka biya kuɗin jirgi, dala 480. Ka koma Wapa, ka tarar dala ta koma 1,600. Wane canji za ka rubuta a wannan layin? Na san wasu sun riga sun rubuta 1,550, domin shi ne a layin sama. Ku goge. Ranar da ka biya kuɗin jirgi, a 1,600 ka sayi dala, saboda haka 1,600 za ka rubuta. 480 sau 1,600 ya ba da 768,000. Da ka yi da tsohon canji za ka samu 744,000, ka ɓatar da naira 24,000 daga littafi alhali sun fita daga aljihunka.

Mu sake faɗa tare: kowane layi da canjin ranarsa. Layin kaya, 1,550. Layin jirgi, 1,600. Idan kuɗin kayan ma kashi biyu ka biya, kafin alƙalami a wata rana, cikon a wata rana, to layi biyu ne, canji biyu ne. Abin da ya sa nake nanatawa, kun gani da idonku: a farkon 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a watan Yuni na shekarar aka saki naira, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. 'Yan kasuwa da yawa sun sayar da kaya a lokacin suna murnar riba, da suka koma canji kuɗin bai sayi rabin dalar da suka fara da ita ba.

Saura inshora. A ce ka biya naira 30,000. Ka rubuta a gida na huɗu.

Gwaji: ka biya dala 200 ranar da canji yake 1,580, ka biya dala 300 ranar da yake 1,620. Nawa ne duka a naira? Wanda ya samu 802,000 ya yi daidai. Wanda ya haɗa dala 500 ya buga da canji ɗaya, ya koma farkon darasin nan ya sake karantawa a hankali. Ba laifi ba ne, amma kada ya wuce gaba.

Darasi na uku: kuɗin fito

Kwastan ba sa lissafin fito a kan kuɗin kaya kaɗai. Suna haɗa abu uku: kuɗin kaya, kuɗin jirgi da inshora. A takarda za ka ga an rubuta CIF, wannan jimlar ake nufi. A misalinmu dala 3,000 da dala 480 da inshora wadda ta yi daidai da dala 20, jimla dala 3,500.

Ga canji ya sake dawowa, ku natsu. Kwastan suna da nasu canjin, wanda ke bin na Babban Bankin Nijeriya, kuma da shi suke juya dalar zuwa naira. Ba ruwansu da abin da ka saya a Wapa. A ce nasu 1,500 ne a lokacin. 3,500 sau 1,500 ya zama 5,250,000. Wannan lambar kada ka sa ta a gida na huɗu, domin ba kuɗin da ka biya ba ne. Ka rubuta ta a gefen shafi, da ita za mu auna fito kawai. Na sha ganin ɗalibi ya tara ta cikin kuɗin da ya kashe, jimlarsa ta kumbura har ya tsorata. Yanzu canji uku ke gabanka: 1,550 na kaya, 1,600 na jirgi, 1,500 na kwastan. Ka nuna kowanne da yatsa, ka faɗi aikinsa da baki.

Fito yana da mataki biyar a ƙasashen ECOWAS: babu ko kwabo, ko kashi 5, ko 10, ko 20, ko 35 cikin ɗari, gwargwadon irin kayan. Kowane kaya yana da lambarsa a littafin kwastan, ana ce mata HS code, ita ke nuna matakin da ya faɗa. Ka tambayi ejan ɗinka, wato wanda zai fitar maka da kayan daga hannun kwastan, wannan lambar tun kafin ka tura kuɗi Sin. Mu ɗauka namu kashi 20 ne. Kashi 20 cikin ɗari na 5,250,000 shi ne 1,050,000. A kalkuleta ka buga sau 20, sannan ka raba da 100.

Akwai ƙananan haraji da ke biye da fito, kamar ETLS wanda yake rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Wasunsu gwamnati kan sauya su, don haka ka sa ejan ya nuna maka takardar da kwastan suka fitar, ka kwafe su ɗaya bayan ɗaya. Mu ɗauka sun tashi 150,000.

Na ƙarshe harajin VAT, kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020. Shi a kan komai yake hawa, har da fiton kansa. Ka haɗa 5,250,000 da 1,050,000 da 150,000, ka samu 6,450,000. Sau 7.5, raba da 100, ya ba da 483,750. Abin da zai shiga gida na huɗu layi uku ne: 1,050,000 da 150,000 da 483,750. Jimlarsu 1,683,750.

Darasi na huɗu: fitar da kaya da kawo su gida

Waɗannan duk da naira ne. Ladan ejan, a ce 250,000. Kuɗin tashar jirgi da na kamfanin jirgi, 300,000. Mota daga Legas zuwa Kano, 200,000. 'Yan dako, 20,000. Jimla 770,000.

Idan kaya suka wuce kwanakin da aka ba su kyauta a tasha, ana cajin kuɗin kwana kullum. Yawanci jinkirin takardu ke jawo shi, idan ba a kammala Form M, takardar shigo da kaya da ake cikewa ta banki, ko PAAR, takardar ƙiyasin fito ta kwastan, da wuri ba. In ka biya, ka rubuta. Kuma don Allah ku daina cewa kuɗin 'yan dako ƙaramin abu ne ba sai an rubuta ba. Na gaji da jin wannan maganar. Wanda ba zai rubuta dubu ashirin ba, gobe dubu ɗari biyu zai manta.

Darasi na biyar: kuɗin guda ɗaya

Ka tara gida na huɗu daga sama har ƙasa: 4,650,000 da 50,000 da 768,000 da 30,000 da 1,683,750 da 770,000. Jimla 7,951,750. Ka tara sau biyu.

Ka buɗe katan-katan, ka tarar filas 30 sun fashe. Da 970 za ka raba, domin su za ka iya sayarwa. Kowane filas ya tsaya maka kusan naira 8,200.

Wanda ya tsaya a dala 3 sau 1,550 zai ce filas 4,650 ya saya, ya sa 6,500 yana ganin ya ci riba mai kauri. Idan ya sayar da duka zai tara 6,305,000, ya yi asarar 1,646,750.

Darasi na shida: sa farashi

Idan kana son ribar kashi 20 a kan 8,200, ka ƙara 1,640, farashi ya zama 9,840. Hayar shago da albashin yaro daga cikin wannan ribar za su fita.

Kafin ka rubuta farashi, ka tambayi canjin yau. Idan dala ta kai 1,700, sake sayen waɗannan kayan kaɗai zai ci 5,100,000, ƙarin 450,000 ke nan, sai ka ɗaga farashin. Ka kuma zaga kasuwa ka ji nawa ake sayar da irinsa. In ana sayarwa 8,000, kada ka sake yin odar.

Aikin gida: ka sake lissafin duka, amma canjin kaya 1,620, na jirgi 1,650, na kwastan 1,580. Sauran lambobin su zauna yadda suke. Ka zo da shafin ranar Asabar.