Kurakuran da masu kayan gyaran fata ke yi wajen ɗaukar 'yan kamasho da biyan su

Shekarar da na fara ba mutane man shafawa da sabuluna su sayar mini, na raba katan shida ga mata tara cikin mako guda. Bayan wata biyu kuɗin katan biyu da rabi ne suka dawo hannuna. Ba wadda ta gudu, kowacce dai tana da bayani: ƙanwar miji ta ɗauka za ta biya ƙarshen wata, maƙwabciya ta yi tafiya, roba uku sun narke a but ɗin mota. Laifin kuwa nawa ne, domin ban taɓa zama na tantance ko su 'yan sari ne ko 'yan kamasho ba.

Wannan shi ne kuskuren da ke haifar da sauran. 'Yar sari tana biyan kuɗi ta ɗauki kaya a farashin sari, daga nan kayan nata ne, riba da asara duk nata. 'Yar kamasho wakiliyarki ce: kayan naki ne har sai an sayar, ita kuma tana da la'adarta. Idan kika ba mutum kaya ba tare da ta biya ba, kuma kika bar ta tana karɓar kuɗin masu saye a asusunta, kin haɗa mata daɗin ɓangarorin biyu, ke kin ɗauki haɗarinsu. Gyaran shi ne mai saye ya tura kuɗi asusun kasuwancinki kai tsaye, wakiliya ta turo miki shaidar biya da sunan mai saye, sannan a fitar da kaya. Wadda take nesa, kamar a ce kina Kano ita tana Gusau, ki fara ta da roba biyar ko goma, kada ki ƙara sai kuɗin na farko sun shigo.

Sai maganar kaso. Da yawa muna faɗin "kashi talatin" saboda mun ji wata tana bayar da haka, ba mu ɗauki biro ba. A ɗauka robar manki naira 6,000 ce. Kayan haɗi da roba da takardar da ake mannawa sun ci 3,200. Kuɗin mota, ledar ɗauri da ɗan abin gwaji da kike rabawa sun ci 500. Saura 2,300, kuma daga cikin wannan ne la'ada za ta fita, ko da a baki an ce daga 6,000 ake lissafi. Kashi 30 na 6,000 shi ne 1,800, ke ya bar miki 500. To bari roba ɗaya cikin goma ta fashe ko a ƙi biyan kuɗinta: tara sun ba ki 4,500, ɗayar ta cinye 3,700, kin tashi da 800 a kan roba goma. Da kashi 20 kika bayar, wato 1,200, da kin tashi da 6,200 duk da asarar. Idan kika ga kaya na fita sosai amma kullum sai kin ranto kuɗin sayen man kaɗanya da robobi, nan za ki fara dubawa.

Wurin da na fi ganin ana zalunci ba da niyya ba shi ne adadin da ake gindaya wa wakiliya a wata. Ana cewa: ki sayar da roba 30 ki sami kashi 20, kika gaza kashi 10 ne. A kunne kamar zaburarwa ce. Amma ki lissafa. Mai roba 29 za ta karɓi 17,400, mai 30 za ta karɓi 36,000. Roba guda ɗaya ta zama ta naira 18,600. Wace mai hankali ce za ta zauna? Ranar 30 ga wata za ta saye da kuɗinta, ko ta karya farashi ta sayar 5,000, ko ta roƙi wata wakiliya ta ara mata ciniki. Za ki gane hakan idan oda tana taruwa a kwana ukun ƙarshen wata, sannan makon farko na sabon wata ya yi tsit, ko kuma kika fara ganin manki a sitatus ɗin wasu ƙasa da farashinki.

Abin da ya fi adalci shi ne ƙarin ya hau kan abin da ya haura kawai. Roba ashirin na farko a kan 900 kowacce, daga ta ashirin da ɗaya zuwa sama 1,200. Mai 29 ta sami 28,800, mai 30 ta sami 30,000, ba wanda zai yi ƙarya saboda roba ɗaya. Shi kansa adadin kada ki ciro shi daga burinki. Ki bar sabuwa ta yi wata biyu ba tare da adadi ba, ki ga abin da take iya sayarwa, ki ɗora kaɗan a kai. Ɗalibar da ke sayarwa a ɗakin kwanan ɗalibai ba ɗaya take da mai shagon gyaran jiki da amare ke zuwa ba, kuma idan aka yi hutu kasuwarta ta tafi gida. Haka lokacin hunturu da fata ke bushewa, da gabanin Sallah, ba a auna su da tsakiyar damina.

Wajen ɗauka kuwa, yawan mabiya a Instagram ya sha yaudarata. Wata mai mabiya dubbai ta sayar da roba huɗu a wata, wata malamar Islamiyya da ba ta ma iya ɗaukar hoto mai kyau ba ta sayar da ashirin da biyu, domin matan unguwa sun yarda da ita. Ki tambayi mai nema su wa za ta sayar wa a makon farko, ta lissafo. Kuma ki guji kuɗin rajista mai tsoka da biyan mutum don ya kawo wasu wakilai. Da zarar kawo mutane ya fi sayar da mai kawo kuɗi, sana'ar ta koma wani abu daban, kuma na ƙasa ne ke kwana da kaya a ƙarƙashin gado.

Akwai doka guda da ban yarda a sassauta ba: abin da wakiliya ke faɗa a kan kayan. Don ta cika adadi za ta ce yana sa fari cikin kwana bakwai, ko yana warkar da kyasbi. Wata ma ta buɗe roba ta zuba man bilicin mai sinadarin da NAFDAC ta hana ko ta taƙaita, don masu saye su ga "aiki". Ranar da fatar wata ta ƙone, sunanki ne a jikin robar, da lambar rajistarki idan kina da ita. Ki liƙe murfi da abin da ba ya komawa idan an ɓare, ki rubuta musu kalaman talla da kanki, ki kuma sanar tun farko cewa buɗe roba ko karya farashi sallama ce.

Biya kuma ya kasance da rana sananniya, misali kowace Juma'a, a kan cinikin da ya kwana bakwai ba a dawo da shi ba, tare da lissafi a rubuce: roba nawa, la'ada nawa, me aka cire. "Ki bari zuwa jibi, Hajiya" sau biyu ya isa ya sa wakiliya ta fara riƙe kuɗin masu saye ta biya kanta. Ki kuma yanke tun wuri wa ke da mai saye idan ta dawo karo na biyu ta lambarki kai tsaye. Ni ina ba wadda ta kawo ta cikakkiyar la'ada har wata uku, bayan nan rabi. Duk wannan shafi ɗaya ne, ku biyu ku sa hannu gaban shaida, har da layin da ya ce wadda za ta bari ta dawo da ragowar kaya cikin kwana goma sha huɗu, a biya ta haƙƙinta a ranar.