Kafin ku bar asibiti, ku duba rasit ɗinku

Salamu alaikum 'yan uwa na Maradi. Idan rashin lafiya ta kai ku asibitin da ba ya cikin yarjejeniyar kamfanin inshorarku, dole ku fara biya daga aljihu. Wajen karɓo kuɗin ne ake shan wahala, kuma yawanci rasit ne sanadi.

Kada ku yarda da rasit mai jimilla kawai. A rubuta kuɗin ganin likita daban, na awon jini daban, na gado daban, da sunan marar lafiya yadda yake a katin inshora, kwanan wata, hatimi da sa hannu. Ni an taɓa maido mini takardu don an rubuta Hajara, alhali Hadjara ke kan kati.

Magani kuwa, rasit ɗin farmasi sai da takardar likita a haɗe.

A ce kun biya sefa 50.000, inshorarku na ɗaukar kashi 80 cikin 100: 40.000 za su dawo, in ba a cire abin da yarjejeniya ta keɓe ba. Ku tambayi wa'adin kai takardu tun ranar, ku yi fotokofin komai, kuma wanda ya karɓa ya sa hannu kan kwafinku.