Darasi: Wane Mai Ne Na Suya, Wane Ne Na Miya?

Idan aka ɗora mai a wuta aka bar shi, akwai lokacin da zai fara fitar da siririn hayaƙi mai ɗan shuɗi-shuɗi, wanda ke sa ido ruwa, ya shaƙe maƙogwaro. Zafin da mai ke kaiwa kafin wannan hayaƙi ya tashi shi ake kira matakin hayaƙi. Kowane mai da nasa matakin, kuma da shi za mu auna manja, man gyaɗa da tataccen man girki na kamfani a wannan darasi.

Kada a haɗa hayaƙi da tururi. Tururi fari ne, yana tashi ne idan an jefa abu mai danshi a cikin mai, ba ya kuma yajin ido. Hayaƙi kuwa daga jikin man yake fitowa ko da babu komai a kaskon. Alama ce cewa man ya fara ƙonewa: yana rugujewa, yana sakin wani sinadari mai kaifi da ake kira akrolin, ɗanɗanonsa na komawa ɗaci. Abincin da aka soya a irin wannan mai yakan yi maƙaƙi a wuya.

Zafin miya da zafin suya

Ana auna zafi da digiri na ma'aunin Salshiyas. Ruwa yana tafasa a digiri 100, kuma muddin akwai ruwa a tukunya, zafinta ba zai wuce nan ba komai yawan wutar da aka hura. Ke nan man da ke cikin miya a digiri 100 yake zaune, babu man girkin da ke ƙonewa a wannan zafi. Suya cikin mai da yawa kuwa, kamar ta dankali, kifi ko kaza, tana son digiri 170 zuwa 180. Saboda haka man suya dole matakin hayaƙinsa ya haura 180 da tazara mai kyau, domin wuta takan ɗan zarce ba tare da mai girki ya lura ba. A miya ƙamshi da launi ake nema. A suya juriya ake nema.

Me ke sa wani mai ya riga wani hayaƙi?

Amsar tana ga tacewa. Man da aka matse aka bar shi yadda ya fito yana ɗauke da ƙananan ɓurɓushin ƙwayar da aka matse, da ɗan danshi, da wani kaso na man da ya riga ya fara tsami. Waɗannan su ne ke fara ƙonewa. A kamfani ana cire su, a cire launi da wari, sai man ya fito garau, ba ƙamshi, amma ya jure wuta sosai. Shi ya sa tambayar da ta fi muhimmanci ba ita ce "man mene ne?" kaɗai ba, har da "an tace shi ko ba a tace ba?"

Man gyaɗa ya nuna wannan a fili. Wanda aka matsa ba a tace ba, mai launin zuma da ƙamshin gyaɗa, yakan fara hayaƙi tun wajen digiri 160, wato kafin ma ya kai zafin suya mai kyau. Tataccensa kuwa yana kaiwa wajen digiri 230. Gyaɗa ɗaya ce, amma tazarar digiri 70 ce tsakaninsu. Wanda ba a tace ba ya dace da miya, da soya albasa ko ƙwai a matsakaiciyar wuta, inda ƙamshinsa zai fito. Tataccen shi ne na tsoma kifi da kaza. Akwai kuma abu ɗaya da ya kamata a kiyaye: mutumin da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ya guji man da ba a tace ba, domin abin da ke tayar masa da ciwon yana nan a ciki.

Man girki na kamfani, wanda ake sayarwa a roba ko jarka, ba daga tsiro ɗaya ake yin sa ba. Wani daga waken suya ne, wani kuma manja ne da aka tace aka cire masa ja, wani gauraye ne. A duba rubutun jikin robar, ko a sa wani ya karanta. Dukansu matakin hayaƙinsu yana kusa da digiri 230, don haka duk suna suya. Bambancinsu yana fitowa ne wajen maimaici. Na waken suya ya fi saurin gajiya idan ana ta sake ɗora shi, yakan yi danƙo ya canja wari. Tataccen manja da tataccen man gyaɗa sun fi shi daɗewa a kasko. A miya kuwa duk maiƙo kawai za su ba ku, ba launi, ba ƙamshi.

Jan manja

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin shi ne man da aka fi yi wa kuskure. Jan da ke jikin manja wani sinadari ne mai suna karotin, irin wanda ke cikin karas, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, mai taimakon gani da kariyar jiki daga cuta. Wuta mai ƙarfi tana kashe shi. Idan aka bar manja a kasko yana hayaƙi har jansa ya kau ya koma fari-fari, abin da ya bambanta shi da sauran mai ya tafi ke nan. An biya kuɗin jan manja, an ƙone jan, an cika ɗaki da hayaƙi, aka tashi da man da bai kai tataccen na roba kyau ba. A ganina wannan asara ce zalla. Wanda ke son mai marar launi, ya sayi tatacce tun farko.

Jan manja ba shi da mataki ɗaya tsayayye, domin ya danganta da yadda aka sarrafa shi da daɗewarsa a ajiye. Sabo, wanda aka matse daga kwakwar da ba ta kwana da yawa ba, yana ɗan jurewa. Tsoho mai kartar harshe yana hayaƙi da wuri ƙwarai. Ku shinshina, ku ɗanɗana kaɗan kafin ku saya. Daskarewa kuwa ba aibi ba ce. Kusan rabin kitsen manja irin mai daskarewa ne, don haka idan gari ya yi sanyi zai yi kauri ko ya rabu gida biyu, ruwa a sama, kauri a ƙasa. Wannan kitsen ne ma dalilin da ya sa ake son a riƙa auna shi da cokali maimakon a tuttula.

Ga yadda za a yi da shi a miyar ganye ta mutum 6. A yanka albasa a ajiye kusa tun kafin a kunna wuta. A zuba manja babban cokali 4 a busasshiyar tukunya, wuta matsakaiciya. Da zarar ya narke ya fara sheƙi, abin da ba ya wuce minti 1 ko 2, a zuba albasa. Danshin albasar zai riƙe zafin man ya hana shi ƙonewa. Idan ta yi laushi, sai tumatir da tattasai, daga baya ruwan nama, ganye a ƙarshe. Ɗanyen warin manja da wasu ke gudu yana gushewa da kansa idan miyar ta yi kamar minti 15 tana dahuwa. Alamar an yi daidai ita ce man ya taso saman miya ja, ba ruwan ƙasa ba.

Suyar dankali kilo 1

Wannan aikin tataccen mai ne, ko na gyaɗa ko na roba, wajen lita 1. A sami tukunya mai zurfi da kauri, kada man ya wuce rabinta, domin zai kumbura idan dankali ya shiga. A fere dankalin, a yanka shi kaurin yatsa, a wanke, a tsane shi sosai da ƙyalle mai tsabta. Ruwa yana sa mai fallatsa, yana kuma saurin lalata shi.

Idan babu ma'aunin zafi, a jefa ɗan gutsuren burodi. In ya yi ja cikin kamar minti 1, man ya kai. In ya nutse shiru babu kumfa, da saura. In ya yi baƙi nan take, ko hayaƙi ya fara, a sauke tukunyar ta huce tukuna. Mutane da yawa suna jiran ganin hayaƙi kafin su ce mai ya yi zafi, alhali tataccen mai idan ya yi hayaƙi ya zarce zafin suya da digiri 50. Dankalin da aka zuba a nan bayansa zai ƙone, cikinsa ɗanye.

A raba dankalin kashi 3 ko 4. Idan aka juye shi duka lokaci ɗaya, zafin man zai faɗi, kumfar tururin da ke fitowa daga dankalin tana tura mai baya za ta yi rauni, dankalin ya sha mai ya yi laɓo-laɓo. Bayan kowane kashi a kwashe ɓurɓushi da matsami, a ba man ɗan lokaci zafinsa ya dawo. Gishiri sai bayan an kwashe.

Idan an gama, a bar man ya huce, a tace shi da ƙyalle, a zuba a kwalba mai murfi, a ajiye inda babu rana ko zafin murhu. Duk suyar da aka yi tana rage masa juriya, har man da ya fara da 230 ya koma yana hayaƙi a zafin suya na yau da kullum. In kun ga haka, ko ya yi duhu, ko ya yi kauri yana danƙo, ko kumfa ta ƙi kwanciya a samansa, aikinsa ya ƙare. Kada a juye shi a miya don gudun asara, kada kuma a ƙara masa sabo, domin tsohon zai lalata sabon. Man da aka soya kifi a ware shi, warin ba ya fita.

Idan mai ya kama da wuta

Hayaƙi mai kauri gargaɗi ne. Idan zafi ya ci gaba har ya haura digiri 300, man yana iya kamawa da wuta. Kada a watsa ruwa ko kaɗan: ruwan zai nutse ƙarƙashin man, ya zama tururi nan take, ya watso wutar sama har fuskar mutum. Kada kuma a ɗauki tukunyar a nufi waje da ita. A kashe murhu, a zura murfin ƙarfe ko faranti a rufe bakin tukunyar, a bar ta a rufe har ta huce sarai.

Aikin gida

Ku ɗauko kowane man da ke gidanku, ku duba launinsa, ku shinshina, ku karanta rubutun jikinsa idan akwai. Ku rubuta sunan kowanne a littafinku, a gabansa ku rubuta ko tatacce ne ko ba tatacce ba, da girkin da za ku yi da shi a wannan mako.