Dokar Hess: Inda Lissafi Yake Kuɓucewa

Mafi yawan waɗanda suke faɗuwa a tambayar Dokar Hess sun san dokar sarai. Sun san abin da Germain Hess ya wallafa a 1840: zafin da sauyin sinadarai yake saki ko yake sha bai damu da hanyar da aka bi ba, mafari da maƙura kaɗai yake kallo. Inda suke tuntuɓe shi ne gaggawa. Suna barin ikweshin a gefe su ruga kan lambobin ΔH, wato adadin zafin da aka saki ko aka sha, su tara wannan su debe wancan, har sai wata lamba mai kama da amsa ta fito. Alhali lambar ΔH raƙumi da akala ce. Duk inda aka ja ikweshin, can take bi.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Muna neman ΔH na samuwar iskar metan daga kabon da haidirojin:

```
C(s) + 2H2(g) → CH4(g)     ΔH = ?
```

Wannan ba abu ne da za a auna kai tsaye ba, don in ka haɗa kabon da haidirojin a cikin na'urar auna zafi ba za su ba ka tsantsar metan ba. Amma dukkan ukun suna cin wuta lafiya lau, kuma an auna zafin ƙonewarsu:

```
(1) C(s) + O2(g) → CO2(g)                  ΔH = -393.5 kJ
(2) H2(g) + ½O2(g) → H2O(l)                ΔH = -285.8 kJ
(3) CH4(g) + 2O2(g) → CO2(g) + 2H2O(l)     ΔH = -890.3 kJ
```

Aikin yana farawa ne daga ikweshin da ake nema. Ana buƙatar C guda a hagu, ikweshin na 1 yana da shi a hagu, sai a bar shi yadda yake. Ana buƙatar H2 biyu a hagu, na 2 yana da guda ɗaya, sai a ninka shi sau biyu. Ana buƙatar CH4 a dama, na 3 yana da shi a hagu, sai a juya shi. Ga abin da ya fito:

```
C(s) + O2(g) → CO2(g)                      -393.5 kJ
2H2(g) + O2(g) → 2H2O(l)                   -571.6 kJ
CO2(g) + 2H2O(l) → CH4(g) + 2O2(g)         +890.3 kJ
```

CO2 ya soke, ruwa biyu sun soke, O2 biyu na hagu sun tafi da biyun dama. Abin da ya rage shi ne ikweshin da muke nema, jimilla kuma -74.8 kJ. A riƙe wannan lambar, da ita za mu gwada kowane kuskure.

An juya ikweshin, an bar alama a inda take

Wannan shi ne kuskuren da kowane malami ya gaji da gani. Ƙonewar metan tana sakin 890.3 kJ. In za a koma baya, wato a ɗauki CO2 da ruwa a mayar da su metan da oksijin, dole a biya wannan adadin daidai. Abin da aka saki a tafiya shi za a sha a dawowa, shi ya sa alamar debewa take komawa ta tarawa. Wanda ya manta zai sami -1855.4 kJ. Abin da ya sauƙaƙa wannan kuskuren shi ne yana tona kansa. Ba yadda za a yi samar da mol ɗaya na metan ya saki zafin da ya ninka na ƙona shi sau biyu da wani abu. Gyaran kuwa ɗabi'a ce kawai: kada a ce an juya a zuci. A sake rubuta ikweshin a juye, a rubuta sabuwar alamar nan take kafin a ɗaga alƙalami.

An ninka ikweshin, an manta da ΔH

Lambar -285.8 kJ ta mol ɗaya ce na haidirojin. Mol biyu za su saki ninkinta. Wanda ya ninka ikweshin na 2 ya bar lambar yadda take zai ƙare da +211.0 kJ, wadda ko alamarta ba daidai ba ce.

Akwai ɗan'uwan wannan kuskuren da ya fi shi wayo. Wasu masu tsara tambaya ba sa son rabi a ikweshin, sai su ba da na 2 a haka: 2H2 + O2 → 2H2O, ΔH = -571.6 kJ. An riga an ninka. Ɗalibin da ya haddace cewa "na haidirojin ana ninka shi" zai ƙara ninkawa, ya sami -646.4 kJ. Don haka a karanta ΔH a matsayin zafin ikweshin yadda aka rubuta shi, da lambobin da ke gaban kowane sinadari. Rubutun kJ/mol ma yakan rikita mutane a nan, don ba koyaushe ake tambayar kai mol ɗin me ake nufi ba.

Tsoron rabi shi ma yana da nasa ɓarnar. Idan an ba ka ikweshin mai sinadarinka biyu kai kuma ɗaya kake so, raba komai biyu, har ΔH, ko da 5O2 zai koma 5/2. Babu laifi a ciki, tunda mol ake ƙirgawa, kuma rabin mol abu ne da ake iya aunawa. In ka ga ya fi maka sauƙi ka ninka sauran don kauce wa rabi, to, ka tuna raba amsar a ƙarshe. Nan ne ake yawan mantuwa.

Harafin da ke cikin baka

A ganina wannan ne mafi haɗari, don shi kaɗai ne yake ba da amsa mai kyan gani. Ƙananan haruffan nan, (s) da (l) da (g), masu nuna ko sinadari daskararre ne, ko ruwa-ruwa, ko iska, mutane da yawa suna ɗaukarsu ado, suna yar da su tun a layin farko don rage rubutu. To amma H2O(l) da H2O(g) abubuwa biyu ne a wannan lissafin. Mayar da mol ɗaya na ruwa zuwa tururi yana cin kimanin 44.0 kJ. Shi ya sa ƙonewar haidirojin take da lambobi biyu: -285.8 kJ in ruwa ya fito, -241.8 kJ in tururi ya fito.

Mu ce an ba ka ikweshin na 2 da tururi, na 3 kuma da ruwa, kai ba ka lura ba. Za ka ninka daidai, ka juya daidai, ka sauya alama daidai, ka soke 2H2O da 2H2O cikin natsuwa. Lissafin zai zama -393.5 da -483.6 da +890.3, jimilla +13.2 kJ. Lamba ce ƙarama, mai kama da na gaskiya, ba abin da zai sa ka tsargu. Amma tana cewa samuwar metan tana shan zafi, alhali saki take yi. Tazarar da ke tsakaninta da -74.8 ita ce 88.0 kJ, wato 44.0 sau biyu, na mol biyun da aka soke ba bisa ƙa'ida ba. Wannan alama ce mai amfani: duk lokacin da amsarka ta bambanta da ta gaskiya da 44, ko 88, ko 132, koma ka duba ruwan.

Gyaran shi ne ƙara ikweshin na huɗu da zai zama gada:

```
2H2O(g) → 2H2O(l)     ΔH = -88.0 kJ
```

Da shi tururin ya soke, ruwan ya soke, +13.2 kuma ya koma -74.8. Idan ka ga tambaya ta ƙunshi zafin mayar da ruwa tururi kamar an jefa shi ne a banza, ba a banza ba ne, wannan aikin aka ajiye masa.

Kabon ma haka yake, sai dai ɓarnar ƙarama ce. Lambar -393.5 ta girafayit ce, wato irin kabon da ke bakin fensir. Lu'ulu'u shi ma C(s) ne a rubuce, amma ƙonewarsa ta fi da kusan 1.9 kJ a kowane mol.

Farawa da oksijin

Wasu ba sa kuskuren alama ko na ninki, amma suna ɓata rabin lokacinsu suna juye-juye, saboda sun fara da sinadarin da bai dace ba. A misalinmu O2 yana cikin dukkan ikweshin uku, CO2 da H2O kuma kowanne yana cikin biyu. Ba ɗaya a cikinsu da zai gaya maka abin da za ka yi da wani ikweshin, don duk gyaran da ka yi a nan zai ɓata can. Waɗanda suke yanke hukunci su ne C, H2 da CH4: kowanne yana cikin ikweshin da ake nema, kuma ya bayyana a guda ɗaya tak cikin waɗanda aka bayar. Da su ake sanin wanda za a juya da wanda za a ninka. Oksijin a bar shi zuwa ƙarshe ya zama shaida. In ya soke da kansa, zaɓinka daidai ne. In ya ƙi sokewa, kada ka goge shi da ƙarfi, akwai ninkin da ya kuskure a sama.

Wajen sokewar ma a lura, ana soke abin da ke ɓangarori biyu na kibiya ne kawai. O2 na ikweshin na 1 da O2 na na 2 duk a hagu suke, tara su ake yi su zama biyu. Idan kuma akwai uku a hagu da biyu a dama, ɗaya ne zai rage a hagu, ba duka za su ɓace ba.

Shi ya sa nake ganin wanda ya tsallake rubuta jimillar ikweshin, ya tafi kai tsaye kan kalkuleta, ya zubar da hanyar da zai binciki kansa. Ikweshin da ya fito dole ya yi daidai da wanda ake nema harafi da harafi, har da na cikin baka. Idan ya fito a juye, wato CH4 → C + 2H2, aikin bai lalace ba, sai a juya shi +74.8 ya koma -74.8.

Sai kuskuren kalkuleta, wanda yake zuwa bayan an gama mai wuya. Masu son gajerar hanya sukan rubuta ΔH1 + 2ΔH2 - ΔH3, kuma daidai ne. Amma alamar debewar da ke gaban ΔH3 ita ce juyawar. Lambar da za a saka a ciki ita ce ta asali, -890.3, a cikin baka. Wanda ya riga ya mayar da ita +890.3 sannan ya debe ta, ya juya ikweshin sau biyu, kuma zai sake tarar da -1855.4 kJ ɗin nan tana jiransa.