Yadda ake haɗa wa 'yar shekara uku kwandon wasan girki da za ta daɗe tana mora

Duk sallah sai ka ga iyaye sun kwaso motar batir ko 'yar tsana mai kuka, kafin a gama yawon sallah batir ya mutu, yarinya ta koma wasa da kwalin. Abu ɗaya kawai abin ya iya yi shi ya sa. Ni dai in za a ba 'yar shekara uku kyauta, kwandon wasan girki nake cewa a haɗa mata, namiji ma haka, shi ma yana so.

Ki fara da abin zubawa, kwando ko ƙaramar fanteka. A ciki ki saka 'yar ƙwarya biyu, ludayi, muciya ƙarama, 'yar tukunyar silba da murfinta, sai ɗankwali ɗaya. In da hali a ƙara ƙaramin turmi da taɓarya, wajen masassaƙa ya fi sauƙin kuɗi, amma ki shafa da hannu, in da sartse a goge da sanfefa. Setin roba ɗin nan mai kala-kala ki bar musu kayansu, taku ɗaya ya fashe ya bar kaifi.

To ga inda mutane ke ɓata abin, wajen "abincin". Sai a sayo kazar roba da kifin roba, ai kaza kullum kaza ce, ba za ta taɓa zama tuwo ba. Ki nemo guntayen katako wajen kafinta a goge su sumul, da ƙyallayen atamfa wajen tela, da busasshen totuwar masara. Guntun katako yau nama ne, gobe sabulu, jibi ta kara a kunne tana "halo Baba". Sai dai fa a kula da girma, duk abin da zai shige cikin kwalin tsakiyar tishu ya yi ƙanƙanta, kar ki saka, musamman in tana da ƙani mai rarrafe. Wake, tsakuwa, murfin kwalba duk babu su, wake ma hanci suke cusa shi.

Kuma kar ki juye mata duka rana ɗaya. Ba ta tukunya da muciya da katako uku, ki zauna ki ce "Hajiya a sammin miya mana", ki yi kamar kin ɗanɗana ki ce gishiri bai ji ba, sai ki ja bakinki. In ta ɗora tukunya a ka ta ce hula ce, hula ce ɗin, kar ki gyara mata.

In ta fara goya muciya da ɗankwali, lokacin 'yar tsanar ƙyalle ya yi. Wajen shekara huɗu ki ƙara faifai da gwangwanin madara marar kaifi ta buɗe shago, kuɗi kuma ganye ko yankakkiyar takarda, banda tsaba.